Turmi ɗaya ya fita: dashe, gada ko haƙorin roba?

Turmin da mutane suka fi rasawa shi ne na farko, wanda ke fitowa yaro yana ɗan shekara 6. Yana tsirowa ne a bayan haƙoran yarinta ba tare da wani ya fita ya ba shi wuri ba, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗauka shi ma famfara za ta tafi da shi, sai a bar shi ya rube. Kafin mai shi ya kai shekara 30 an cire shi, an bar giɓi mai faɗin kusan milimita 10 zuwa 11 a daidai inda tauna ta fi ƙarfi.

Abubuwa uku ake gabatar wa mai wannan giɓi a asibitin haƙori. Ko a dasa masa ƙusar ƙarfen titaniyam cikin ƙashin muƙamuƙi a ɗora haƙori a kanta, ko a yi masa gada wadda ke jingine kan haƙoran da ke gaba da bayan giɓin, ko kuma a yi masa haƙorin roba na sawa da cirewa. Yawanci mutum kan jera su bisa tsada: dashe na mai hali, gada ta mai matsakaicin ƙarfi, roba ta talaka. Wannan jeri yana ɓatar da mutane. Abin da ke yanke hukunci shi ne halin haƙoran nan biyu da ke maƙwabtaka da giɓin, da yawan ƙashin da ya rage a ƙarƙashinsa. Kuɗi sai ya biyo baya.

Abin da ke faruwa da giɓin kafin a kai ga zaɓi

Ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori don haƙorin yake raye. Da an cire haƙorin sai ya fara zaizayewa, kuma ɓangaren kunci ya fi saurin tafiya saboda ya fi siranta. A shekarar farko faɗin ƙashin yana iya raguwa da kusan rabi, mafi yawan asarar kuwa a watanni ukun farko take faruwa. Daga nan zaizayar tana lafawa, amma ba ta tsayawa cak.

Haƙoran ma ba zaune suke wuri ɗaya ba. Turmi na biyu yakan karkato gaba zuwa cikin giɓin, musamman a muƙamuƙin ƙasa, ya bar lungu a gindinsa inda abinci ke maƙalewa. Abokin karon haƙorin da aka cire, wato na sama idan na ƙasa ne ya fita, yakan sauko a hankali tunda ba abin da ke tare shi. Wannan motsi ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Wanda aka cire wa turmi yana matashi ya fi ganinsa, wani dattijon kuwa zai shekara goma haƙoransa ba su gusa ba sai kaɗan. Saboda haka likita mai hankali ba ya tsorata mutum da cewa baki zai wargaje. Yana auna giɓin, ya ɗauki hoto, ya duba ko motsin ya fara.

Barin giɓin ma zaɓi ne, kuma ba koyaushe ne ganganci ba. Idan turmi na biyu ne ya fita, na farko da sauran haƙoran suna nan lafiya, mutane da yawa suna tauna tuwo da nama ba tare da sun ji bambanci ba. Likitan haƙori ɗan ƙasar Holan, Käyser, ya nuna tun 1981 cewa baki mai haƙoran gaba da ƙananan turame cikakku yana iya wadatar da mai shi wajen tauna. Turmi na farko ne ke da wuyar bari, domin giɓinsa a tsakiyar layi yake.

Dashe: ƙashi ne ke magana

Dashe kashi uku ne. Akwai ƙusar da ke shiga ƙashi, wadda ga turmi kaurinta kan kai milimita 4 zuwa 5, tsawonta 8 zuwa 12. Akwai ɗan wuyan da ake ɗaurawa a kanta ya fito ta cikin dasashi. Sai hular haƙorin, wadda ita ce ake gani ake tauna da ita. Abin da ya sa aikin ke yiwuwa shi ne ƙashi yana tsirowa ya manne da titaniyam kai tsaye. Wani likita mai suna Brånemark ne ya fara gwada wannan a bakin mutum a birnin Gotenbag na Suwidin a 1965.

Lissafin wurin mai sauƙi ne, amma ba a yi masa ragi. Ƙusar tana son aƙalla milimita 1.5 tsakaninta da saiwar kowane maƙwabci, kuma tana son ƙashi ya lulluɓe ta da kusan milimita 1.5 ta ɓangaren kunci da ta ɓangaren harshe. Ƙusa mai kaurin 4.5 ke nan tana buƙatar ƙashi mai faɗin kusan 7.5. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji, tana bi ta wani rami a ƙarƙashin saiwoyin turame, kuma ana barin tazarar milimita 2 tsakaninta da ƙarshen ƙusa. Idan aka taɓa ta, leɓen ƙasa yana mutuwa, wani lokaci na makonni, wani lokaci har abada. Wanda ya kwana bayan dashe ya tashi leɓensa bai farfaɗo daga allurar kashe zafi ba ya koma asibiti a ranar, domin sassauta ƙusar ko cire ta da wuri shi ke ba jijiyar damar warkewa.

A muƙamuƙin sama matsalar daban ce. Akwai kogon iska cikin ƙashin kunci, a daidai saman turame, kuma bayan cire haƙori kogon yakan faɗaɗa ya sauko. Idan tsayin ƙashin da ya rage ya kai milimita 5 zuwa sama, ana iya ɗaga ƙasan kogon kaɗan ta cikin ramin da aka huda, a sa ƙusar a zama ɗaya. Idan bai kai ba, sai an buɗe ƙaramar taga ta gefe an zuba garin ƙashi, sau da yawa a jira wata shida ko fiye kafin a dasa. Hoton eksire na yau da kullum yana nuna tsayi amma ba ya nuna faɗi, shi ya sa ake neman hoton CBCT, mai nuna ƙashi ta kowane ɓangare, kafin a huda. Dashen turmi ba tare da an san faɗin ƙashi da inda jijiya take ba, caca ce.

Ranar aikin ana kashe wurin da allura, a buɗe dasashi, a huda ƙashi da bakin injin daga siriri zuwa mai kauri, ana kwarara ruwan gishiri mai sanyi. Ruwan ba don tsabta kawai ba ne. Ƙashi idan ya yi zafin da ya wuce digiri 47 a ma'aunin Salshiyas na tsawon minti ɗaya yana mutuwa, mataccen ƙashi kuwa ba ya kama ƙusa. Bayan an ɗaura ta sai a jira, kamar wata biyu zuwa huɗu a ƙasa, uku zuwa shida a sama inda ƙashi ya fi taushi. Sannan a ɗauki awo a ƙera hula. Hular ana iya manne ta da siminti ko a ɗaure ta da ɗan noti ta wani rami da ake toshewa daga baya. Ga turmi, mai notin ta fi, domin ana iya kwance ta a gyara, kuma ba ta barin ragowar siminti a ƙarƙashin dasashi, wanda sananne ne wajen haddasa kumburi.

Lalacewar dashe iri biyu ce. Ta farko tana zuwa kafin a ɗora hula: ƙusar ba ta kama ba, tana motsi ko tana zafi idan aka murɗa ta, sai a cire a jira a sake. Shan taba yana kusan ninka wannan haɗari, sugan da bai daidaita ba ma yana ƙara shi. Ta biyu tana zuwa bayan shekaru: datti ya taru a wuyan ƙusar, dasashi ya fara jini, ƙashi ya riƙa janyewa. Wannan ciwo yana samun kusan mutum ɗaya cikin biyar masu dashe, ya fi kama wanda ciwon dasashi ne ya ci haƙoransa tun farko, kuma ba ya zafi sai ya yi nisa. Alamarsa jini lokacin goge baki, wari, ko ruwan mugunya idan aka danna. Akwai kuma matsalar da ba ta kai waɗannan ba amma ta fi yawa, wato notin hula ya sassauta mutum ya ji haƙorin na rawa. Wannan gyaran minti goma ne, in dai likitan yana da makullin irin wannan ƙusar.

A nan ne waɗanda ke yin dashe a Masar, Indiya ko Dubai kan shiga uku bayan sun dawo gida. Kamfanonin da ke ƙera ƙusa suna da yawa, kowanne da fasalin wuyansa da makullinsa. Duk wanda aka yi wa dashe, a gida ko a waje, ya karɓi takarda mai sunan kamfanin, samfurin, kauri da tsawo, ya adana ta.

Idan komai ya tafi daidai, cikin ƙusoshi 100 kusan 95 suna nan bayan shekara 10. Hular da ke kai ba ta kai ƙusar daɗewa ba, tana iya tsagewa ko a canza ta a tsakani. Akwai kuma waɗanda ba a gaggauta yi musu: matashin da muƙamuƙinsa bai gama girma ba, wanda aka gasa wa muƙamuƙi saboda ciwon daji, da mai karɓar wasu magungunan ƙarfafa ƙashi, musamman na allura, waɗanda ke iya hana raunin muƙamuƙi warkewa. Mai sikila kuwa sai an zauna da likitan jininsa tukuna.

Gada: haƙora biyu ne ke biyan kuɗin

Gadar turmi ɗaya haƙora uku ce a haɗe. Na tsakiya shi ne na bogi da ke cike giɓin, na gefe biyu huluna ne da ake kifawa kan maƙwabta bayan an fiƙe su. Fiƙewar ba ƙarama ba ce. Ga gadar ƙarfe mai rufin tangaran ana cire milimita 1.5 zuwa 2 daga saman haƙori, da 1 zuwa 1.5 a kewayensa, abin da ke kai wa kusan kashi biyu cikin uku na jikin haƙorin da ke waje. Gadar zirkoniya zalla, wato wani farin tangaran mai ƙarfi, tana buƙatar ƙasa da haka, amma ita ma sai an fiƙe. Wannan ya sha bamban da haƙorin Makka, wanda sau da yawa ake kifawa kawai don ado.

Amfaninta a fili yake. Ba tiyata, ba ruwanta da yawan ƙashin giɓin, cikin mako biyu zuwa uku an gama, mutum yana sanye da ta wucin gadi a tsakani. Kusan gada 9 cikin 10 suna kaiwa shekara 10. Illar kuwa ita ce idan ta lalace ba ita kaɗai take tafiya ba. Kusan ɗaya cikin goma na haƙoran da aka fiƙe da ransu jijiyarsu na mutuwa cikin shekara 10, sai an huda ta cikin hula an kwashe ta. Ruɓa kuma tana shiga ta bakin hula inda ta haɗu da haƙori, ta ci ciki ba a gani, domin ƙarfe yana rufe ta a hoto. Mafi haɗari shi ne simintin gefe ɗaya ya saki ɗayan na riƙe. Gadar ba ta faɗi ba, mai ita bai san komai ba, miyau na shiga yana fita, haƙorin da ke ciki yana narkewa. Ana gane wannan da ɗanɗano marar daɗi, ko ƴan kumfa da ke fitowa a bakin hular idan likita ya ɗaga gadar ya danna. Wanda ya yi sakaci, giɓi ɗaya ya koma biyu ko uku.

Tsabtace ta ma aiki ne. Asuwaki da buroshi ba sa shiga ƙarƙashin haƙorin tsakiya. Sai an zura zare mai taurin baki ta ƙasa, ko ɗan siririn buroshin tsakanin haƙora, kullum. Tsinken sakace bai wadatar ba.

Ba kowane maƙwabci ne ke iya ɗaukar gada ba. Ana son tsawon saiwar da ke cikin ƙashi ya kai aƙalla tsawon abin da ke waje, kuma haƙorin ba ya girgiɗi. Idan turmi na biyu ya karkata da fiye da digiri 25 zuwa 30, fiƙe shi har ya yi daidai da na gaba zai kai ga jijiya, sai dai a fara miƙar da shi da waya. Idan kuma babu haƙori a bayan giɓin, babu inda ƙafar gada ta biyu za ta tsaya. Rataya cikakken turmi a jikin ƙaramin haƙori guda yana karya haƙorin ko ya girgiɗa shi. Akwai gada mai fukafukai da ake mannewa a cikin maƙwabta ba tare da fiƙewa sosai ba. Tana aiki da kyau a haƙoran gaba, amma a wurin turmi ta fi yawan ɓallewa.

Haƙorin roba

Shi ne mafi araha da sauri, kuma ba ya hana a yi dashe ko gada daga baya. Na roba zalla yana zaune ne a kan dasashi, don haka duk tauna sai ya nutse kaɗan, ya matse naman da ke gindin maƙwabta, da daɗewa ya janye shi. Mai firam ɗin ƙarfe ya fi, domin yana da ƴan ƙafafu da ke hawa saman haƙora su ɗauki nauyin, amma don ya tsaya daram sai ya ƙetara zuwa ɗaya gefen bakin, ta bayan haƙoran ƙasa ko ta ganda. Ƙarfe mai yawa ke nan saboda haƙori ɗaya, kuma gaskiyar magana da yawa daga cikin masu shi suna ajiye shi a kofi bayan ƴan watanni.

Abin da ya fi damuwa shi ne ƙaramin nan na gefe ɗaya, mai girman ɗan yatsa. Idan ya yi sako-sako ana haɗiye shi, da loma ko da ƙwayar magani ko cikin barci, ya maƙale a maƙogwaro. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Nijeriya sun san wannan sosai, kuma roba ba ta fitowa sarai a hoton eksire, sai neman ta ya yi wuya. Ba a kwana da haƙorin roba, in ya fara rawa kuma a kai shi a gyara. Wanda ya fi wannan muni shi ne na masu sa haƙori a kasuwa, waɗanda ke kwaɓa roba su manne ta da maƙwabta yadda ba ta ciruwa. Ƙarƙashinta ba ya wankuwa, kuma ƙarshenta maƙwabtan ne ke fita.

Inda roba ke da hujja shi ne matsayin riƙon ƙwarya: yarinya ƴar shekara 16 da ke jiran girma ya kammala, ko mai tara kuɗin dashe da ke son hana maƙwabta karkatowa, ko wanda ake ganin wasu haƙoran nasa ma na kan hanyar fita, tunda ana iya ƙara haƙori a jikin robar.

A gwada da baki guda

A ɗauki magidanci ɗan shekara 45, an cire masa turmin farko na ƙasa a dama shekara uku da suka wuce. Giɓin ya ragu daga milimita 11 zuwa 9. Hoto ya nuna tsayin ƙashi a saman jijiya milimita 13, faɗinsa 5.5. Turmi na biyu yana da babban ciko da ya cinye fiye da rabinsa, bango ɗaya ya tsage, ya karkata kaɗan. Ƙaramin turmin da ke gaba shi ma yana da ciko a gefen giɓin. Yana da ciwon suga, gwajin HbA1c mai auna matsakaicin sugan jini na watannin baya ya nuna 9, wato sugan ya hau, yana kuma shan taba.

Ta fuskar tsayi dashe zai yiwu, domin ƙusa mai tsawon 10 za ta bar milimita 3 a saman jijiya. Tsakanin maƙwabta ma akwai wuri, tunda 7.5 ake nema ga shi akwai 9. Faɗin ne ya gaza da milimita 2, sai an ƙara ƙashi an rufe da fatar roba mai narkewa, kuma irin wannan ƙari shi ne abin da taba da hauhawar suga suka fi ɓatawa. A ɗaya ɓangaren, turmi na biyu yana buƙatar hula ko da gada ko babu. Fiƙewar da ake tsoro ke nan rabinta dole ce tun asali. A wannan baki gada ce daidai, bayan an tabbatar da jijiyar turmi na biyu na da rai ko an yi mata aiki, kuma dasashi ba ya jini. Dashe a nan zai ci kuɗi mai yawa da kusan shekara guda, ya bar tsagaggen haƙori yana jiran nasa aikin.

Yanzu a ɗauki wani bakin. Mace ce ƴar shekara 28, lafiya lau, wata uku da cire haƙorin, faɗin ƙashi 8, maƙwabtan biyu ba a taɓa taɓa su ba. Fiƙe lafiyayyun haƙora biyu a wannan shekaru yana nufin za a sake gadar wataƙila sau biyu ko uku a rayuwarta, kowane sakewa kuma yana cin wani abu daga haƙoran. Ita dashe ya dace da ita, kuma jinkiri yana cin ƙashin da ke sa aikin ya zo da sauƙi. Idan kuɗin bai samu ba yanzu, gara ta sa abin da zai riƙe wurin ta ci gaba da tari da ta yarda a fiƙe mata haƙora don gadar ta fi araha a yau.

Mai cizon haƙora cikin barci, da mai fasa ƙashi ko ƙanƙara ko busasshen goro da turmi, duk wanda ya zaɓa cikin ukun zai sha wuya, amma dashe ya fi jin jiki. Haƙorin asali yana da siririn nama tsakaninsa da ƙashi da ke ba shi ɗan motsi ya kuma sanar da mai shi ƙarfin cizo, ƙusa kuwa ba ta da shi, sai nauyin ya sauka kan noti da tangaran. Irin wannan mutum ana sa masa hular zirkoniya ko ta ƙarfe zalla, a rage tudun samanta, a kuma yi masa robar kariya da zai riƙa sawa da dare.

Ga wanda ba a riga an cire wa turmin ba, ranar cirewar ce mafi arhar lokacin yanke shawara. Idan ana tunanin dashe, ana raba saiwoyin a zare su ɗaya bayan ɗaya don kada bangon kunci ya karye, a cika ramin da garin ƙashi a rufe, sai a dawo bayan wata uku zuwa shida. Wannan ba ya hana zaizaya gaba ɗaya, amma yana rage ta yadda sau da yawa ba sai an yi babban ƙarin ƙashi daga baya ba.